Barka, Murna da Taya Riƙo: Yadda Ake Gaida Wanda Aka Ƙara wa Girma a Birnin Kano

A cikin ganuwar Kano, daga ofisoshin da ke kewaye da Gidan Rumfa zuwa Asibitin Murtala da makarantun Shahuci, ba wuya ka ji an ce takardar wane ta fito. Abin da ke biyo baya gaisuwa ce, kuma gaisuwar tana da ƙa'ida. Mutumin birni yana sauraron abu uku a bakin mai taya shi murna: sunan da ka ba abin da ya same shi, addu'ar da ka zaɓa, da sunan da ka kira shi da shi. In ukun suka zauna daidai, an sami zumunci kuma ba a zubar da mutuncin aiki ba. In ɗaya ya goce, ko da zuciyarka fari ce, za a ji.

Sai a fara da sunan abin. Ba duk takardar da ta fito ce ƙarin girma ba. Tun bayan rahoton Udoji na 1974 aka jera aikin gwamnati a Nijeriya mataki-mataki, daga na 1 zuwa na 17, abin da ma'aikata ke kira lebul. Ƙarin girma shi ne a ɗaga mutum daga wani mataki zuwa na sama da shi. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, mai mataki na 6 zuwa ƙasa yakan jira aƙalla shekara 2, mai na 7 zuwa na 14 shekara 3, na sama da haka kuma shekara 4. Ɗan ƙarin albashin da ke zuwa duk shekara a cikin mataki ɗaya ba ƙarin girma ba ne, ba a yi wa mutum barka a kansa. Naɗi kuwa kujera ce aka ba mutum, kamar shugabancin makaranta ko na sashe, wanda kan zo da sabon mataki ko ya zo shi kaɗai. Sai riƙon ƙwarya, inda mutum ke zama muƙaddashi kafin a tabbatar da shi ko a kawo wani.

Wannan na ƙarshe shi ne ramin da aka fi faɗawa. Wanda aka ba riƙo bai san ko kujerar za ta zauna masa ba, don haka in ka cika shi da kirari a gaban jama'a, ka ɗora masa kunyar da zai ji ranar da aka turo wani. Abin da ya dace da shi gajere ne: "Allah ya tabbatar da alheri." Haka kuma canjin wurin aiki. Wani canjin ɗaukaka ne, wani kuwa an kawar da mutum ne daga inda yake da ta cewa. Mai hankali yakan tsaya a "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri" har sai ya ga fuskar mai abin.

Idan ta tabbata ƙarin girma ne, kalmomi biyu ke fara zuwa baki, barka da murna, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Barka daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da albarka, shi ya sa take jingina abin ga Allah. Ana yi wa mai jego barka, ana yi wa wanda ya tsira daga hatsari barka da arziki. Wanda ya ce "barka da samun ƙarin girma" yana cewa ne rabo ya zo. Murna kuwa ta mai magana ce: "na taya ka murna" na nufin farin cikin naka ya shafe ni. A wurin aiki an fi jin daɗin jam'i, "mun taya ka murna", domin yana sa ofis duka a cikin maganar, yana kuma kore zargin cewa mutum ɗaya ne ke neman shiga wajen sabon shugaba.

Amma gaisuwar Kano ba ta tsayawa a nan, kuma dalilin yana fada. Kafin a san lebul, ƙarin girman da birni ya sani shi ne na sarauta, inda ake ɗaga hakimi daga wata sarauta zuwa wadda ta fi ta. Ana yin haka har yau. A 2014, bayan rasuwar Galadiman Kano Tijjani Hashim, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ɗaga Wambai Abbas Sanusi zuwa Galadima, sarautar Wambai kuma ta koma kan Aminu Ado Bayero. A irin wannan rana abin da masu zuwa gaisuwa ke maimaitawa shi ne "Allah ya taya riƙo". Kalmar tana kallon muƙami a matsayin kaya mai nauyi da aka danƙa wa mutum amana, wanda ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Da yake ma'aikatan En'e, wato ma'aji da magatakarda da akawu da malaman asibiti, a ƙarƙashin Sarki suka yi aiki shekaru da yawa kafin a rushe tsarin da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ba abin mamaki ba ne harshen fada ya bi su zuwa ofis ya zauna.

Sai dai "taya riƙo" tana son abin riƙewa. Ta dace da wanda aka ba jama'a ko dukiya ya kula da su: sabon hedimasta, shugabar ma'aikatan jinya, darakta. Wanda ya hau mataki amma yana kan teburinsa na jiya, abin da ya fi zama masa shi ne "Allah ya sanya alheri, Allah ya ƙara ɗaukaka". Akwai kuma addu'o'in da ke da masu su. "Allah ya ja zamaninka" ta masu rawani ce, in ka faɗa wa shugaban sashe sai ta zama zolaya ko fadanci. "Allah ya gafarta Malam" ta malamai ce da alƙalai. "Allah ya yi maka albarka" daga sama take saukowa, daga uba ko tsohon maigida, ƙaramin ma'aikaci ba ya ɗaga ta ya miƙa wa na gaba da shi. Haka ma "ka yi ƙoƙari": yabo ne na mai duba aikin wani, don haka a bakin na ƙasa yana fita kamar shi ne ya zauna ya auna shugabansa.

Abu na uku shi ne suna. A fada, daga ranar naɗi sunan yanka ya kwanta, sai dai a ce Galadima ko Wambai. Ofis bai kai nan ba, amma ya ɗebi wani abu. "Ranka ya daɗe", ko "ranki ya daɗe" ga mace, ita ce girmamawar da ba ta ɓata wa kowa rai. "Yallaɓai" tana kusa da ita, ta fi yawa a bakin ma'aikata da masu kaki. "Oga", wadda aka aro daga Yarbanci, ta hira ce da raha, ba ta shiga takarda. "Malam" kuwa tana hawa kowane mataki da mutum, ba ta tsufa.

A ɗauki misali. Ma'aikata biyu a wani ofis a cikin birni, rana ɗaya aka ɗauke su aiki, sun fi shekara goma suna cin abinci a kwano ɗaya. Takarda ta fito an ɗaga ɗayan daga mataki na 10 zuwa na 12, domin a yawancin layukan aikin gwamnati ba a tsayawa a na 11, an kuma ba shi shugabancin sashen da su biyun suke. Me abokin zai ce?

In shi ya fara ganin takardar, yana da damar wasan da kowa ya sani. Ya leƙa ya ce, "Albishirinka!" Wancan ya ce, "Goro." Daga nan sai labari, sai dariya. Wannan tsakaninsu ne. A gaban sauran ma'aikata kuwa, musamman ƙanana, sai ya miƙe ya ba shi hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun taya ka murna. Allah ya taya riƙo, ya ba da ikon sauke nauyi." Wannan "ranka ya daɗe" ta farko daga bakin tsohon aboki kyauta ce babba, domin ita ke nuna wa masinja da sabon akawu yadda za su ɗauki sabon shugaban. In ya kira shi da laƙabin makaranta a wannan wuri, ya rage masa abin da takarda ta ba shi. Sai bayan La'asar, in ya bi shi gida suka zauna a soro, sunan da aka saba ya dawo, a yi tsokanar yaushe za a yi walima. Wanda ya riƙe "ranka ya daɗe" har cikin soro, shi ma ya yi kuskure, don abokin zai ɗauka an ja baya da shi ko ana jin haushi.

In za a rubuta, a takarda ko a saƙon waya, layi uku sun isa, amma a sa abu ɗaya da aka gani da ido. Misali: "Assalamu alaikum, Malam Wane. Mun ji labarin ƙarin girman da aka yi maka zuwa mataki na 12, mun yi murna ƙwarai. Mu da muka ga yadda ka tsaya kan gyaran fayilolin 'yan fansho bara mun san kowa ya ci zomo ya ci gudu. Allah ya taya riƙo." Ambaton aikin shi ke raba saƙon da na mutum hamsin da suka turo kalma ɗaya, kuma da yake shaida ce ta abokin aiki, ba ta zama auna shugaba ba.

In mace ce aka ɗaga, kalmomin ba su canja ba sai jinsi: "Hajiya, ranki ya daɗe, mun taya ki murna." Namiji ba ya miƙa mata hannu, kuma in za a je gida, a tafi a ƙungiya ko ya tura iyalinsa. Raha irin ta "yanzu maigida ya huta da cefane" a bar ta, domin tana mayar da shekarun aikinta zancen kuɗin miya.

Zancen kuɗi ma gaba ɗaya a kiyaye shi. Sau da yawa takarda kan riga albashi fitowa da watanni, mutum yana amsa barka aljihunsa bai ji komai ba, yana jiran ariyas. Tambayar nawa aka ƙara, ko matsa masa da neman tukuici, tana sa shi cikin kunya. Haka "dama ai ka daɗe kana jira", wadda ke tuna masa shekarun da aka tsallake shi, da "ka iya da manya", wadda ke cewa a fakaice ba cancanta ce ta kai shi ba.

A ƙarshe, a duba wanda ke zaune a teburin gefe. Jarrabawar ƙarin girma mutane da yawa ke shiga, kuma kusan kullum akwai wanda sunansa bai fito ba a ɗaki ɗaya da wanda nasa ya fito. Ba a yi masa jaje a bainar jama'a, don hakan tona rauni ne. Ana rage murya a gabansa, a kuma ƙara wa addu'ar jela ta yadda za ta haɗa da shi: "Allah ya sanya alheri, na baya kuma Allah ya kawo nasu cikin sauƙi." Sabon shugaban da ya san ya kamata shi ne zai fara cewa amin, domin gobe da safe da wannan mutumin zai fara aiki.