Yadda Muka Koyi Nuna Wuri Ɗaya Daga Nesa

Duk editan da ya taɓa aika daftarin fim ga mai aiki da ke wani gari ya san irin amsar da ke dawowa: "Wurin nan da matar take magana bai yi min ba, a gyara." Matar ta yi magana sau shida a cikin fim ɗin. Da mai aikin yana zaune kusa da kai, da sai ya miƙa yatsa ka tsayar da hoton, magana ta ƙare. Da yake yana Abuja ko Landan, dole a sami abin da zai maye gurbin wannan yatsa, kuma neman sa ya ci wa masu sana'ar tace fim shekaru masu yawa.

A zamanin fim na leda matsalar ba ta yi tsanani ba, domin hoton abu ne da ake gani da ido, ana kuma taɓa shi da hannu. Fim mai faɗin milimita 35 yana da firam 16 a kowace ƙafa, yana tafiya da firam 24 a daƙiƙa, wato ƙafa 90 a minti ɗaya. Kamfanin da ya ƙera ledar fim ɗin yana buga lambobi a gefenta, ƙafa bayan ƙafa. Edita yana aiki da kwafin gwaji a kan Moviola, na'urar da Iwan Serrurier ya fito da ita a 1924, yana sa alama da fensirin maiƙo. Idan furodusa ya kalla ya ce a gyara wani abu a faifai na uku, ƙafa ta 412, babu gardama a kan wurin da yake nufi.

Tef ɗin bidiyo ne ya rusa wannan sauƙin. Lokacin da Ampex ya kawo na'urarsa mai tef inci biyu a 1956, sai aka wayi gari hoto ya shige cikin maganaɗisu, ko ka ɗaga tef ɗin ga haske ba ka ganin komai. Masu tacewa na farko sai sun shafa wa tef wani ruwa mai garin ƙarfe, su duba da madubin ƙara girma, kafin su san inda za su sa reza. A 1967 kamfanin EECO na Kalifoniya ya fito da dabarar bai wa kowane firam lambarsa, daga baya ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta daidaita tsarin ya zama na kowa. Shi ne lambar lokacin da muke amfani da ita har yau: awa, minti, daƙiƙa, firam. Idan ka ga `01:03:17:08`, firam guda ɗaya tak ake nufi.

Sai dai lambar tana ɓoye a cikin tef, na'urorin situdiyo kaɗai ke karanta ta. Mai aiki a gidansa bidiyon kaset na VHS yake da shi, wanda JVC ya fitar a 1976, kuma agogon tsofaffin na'urorin nan juyin zare kawai yake ƙirgawa, ba lokaci ba. Lamba 1500 a na'urarka daban take da 1500 a tawa. Maganin da aka samu ya fi duk wanda ya biyo bayansa daɗewa: a kwafo fim ɗin a kaset tare da ƙona lambar lokaci a jikin hoton kansa, cikin ɗan baƙin akwati a sama ko a ƙasa. A aika kaset ta hannun ɗan saƙo, mai aiki ya kalla yana tsayarwa, ya kwafi lambar da idonsa ya gani, ya rubuta bayaninsa, ya turo ta fakis. Tafiyar tana ɗaukar kwanaki, amma takardar da ke dawowa tana da tsabta, domin wanda ya sha wahalar tsayar da kaset ya rubuta lambobi takwas ba ya rubuta shirme a gabansu.

Mu a Kano wannan zamani bai same mu sosai ba. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, furodusa da darakta a ɗakin tacewa suke kwana, gyara da baki ake yin sa. Aiki daga nesa ya shigo mana ne da ƙungiyoyi masu neman a yi musu fim ɗin bayanin ayyukansu, da masu talla, da tashoshin da ke karɓar shiri mai dogon zango. Na ga lokacin da ake kai faifan DVD tasha a bai wa direba, a kira waya a faɗi lambar mota. Sannan intanet ta zo: Vimeo a 2004, YouTube a 2005, WeTransfer a 2009. Aikawa ta zama ta minti, amma bayanan suka lalace. Saurin ya sa kowa yana turo ra'ayinsa a lokacin da ya zo masa, wani ta imel, wani ta kiran waya, wani da saƙon murya na minti bakwai yana tuƙi. Frame.io, wanda Emery Wells da John Traver suka buɗe a 2015, kuma Adobe ya saya a 2021 kan fiye da dala biliyan ɗaya, ya yi suna ne saboda ya dawo da tsohuwar tarbiyyar kaset: da ka fara rubutu bidiyon ya tsaya, bayanin ya manne da firam ɗin da kake kai.

Abin da na fi so matasan editoci su riƙe shi ne, lambar lokaci ba ta da ma'ana sai tare da kwafin da aka karanta ta a kansa. Wannan ne ramin da aka fi faɗawa, da kaset da manhaja.

Ga misali daga irin aikin da muke yi. Fim ne na minti takwas a kan noman rani, na wata ƙungiya da ke Abuja, an ɗauke shi da firam 25 a daƙiƙa kamar yadda tsarin talabijin ɗinmu yake. Kafin ya fita daga hannuna nakan ƙona abu biyu a jikin hoton: lambar lokaci da sunan kwafi, a ce `Rani_v2`. A DaVinci Resolve ana yin haka da `Data Burn-In`, a Premiere da `Metadata & Timecode Burn-in`. Nakan sa lambar lokacin ta fara daga sifili, domin Resolve yana fara ƙirga daga `01:00:00:00`, kuma nakan cire duk wani allon bayani da ke gaba. Dalili shi ne, mai aiki sau da yawa agogon wayarsa zai karanta maimakon akwatin da na ƙona. Idan akwai allo na daƙiƙa biyar a farko, duk lambobinsa za su zame da daƙiƙa biyar. Ana gane hakan cikin sauƙi: ka duba bayanai uku, idan kowanne ya sauka bayan wurin da ya dace da tazara iri ɗaya, to agogo biyu kuke karantawa.

Girman fayil kuma lissafi ne ƙarami. Hoto mai layi 720 a megabit biyu a daƙiƙa, na daƙiƙa 480, zai ba ka kamar megabait 120, wanda datar kowa za ta iya ɗauka. Idan ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin takarda, domin in an tura shi a matsayin bidiyo manhajar tana matse shi har ƙananan lambobi su dagule. Tun 2022 tana karɓar takarda har gigabait biyu. Tare da fayil ɗin nakan rubuta layi kaɗan in faɗi abin da ba a gama ba: launi ba a daidaita ba, sauti ba a haɗa ba, kiɗan na aro ne. In ban faɗa ba, rabin bayanan a kan waɗannan za su ƙare, abin da nake bukata kuwa, wato ko labarin yana tafiya, babu wanda zai taɓo shi.

A ce bayanai uku sun dawo. Na farko: daga 01:10 zuwa 01:22, a cire jawabin shugaban manoma domin ya maimaita kansa. Na biyu: a 03:40, sunan ƙauyen da aka rubuta ba daidai ba ne. Na uku: a 06:05, hoton injin ban ruwa ya yi gajarta. Edita mai gaggawa zai fara daga na farko. Da ya cire daƙiƙa 12 ɗin nan, firam 300 ke nan, duk abin da ke bayansu ya matso gaba: sunan ƙauye ya koma 03:28, injin ya koma 05:53. Idan ya je 06:05 yanzu, hoton da zai tarar na wata mata ce tana tsinkar tumatir, ya ƙara masa tsawo, ya aika, mai aiki ya ce ba a yi abin da ya nema ba. Shi ya sa ake fara gyara daga ƙarshe zuwa farko, ko a fara dasa alama a kan dukkan wuraren kafin a taɓa komai. Kuma ba a aiki a kan `v2` kanta. A ajiye ta yadda take, a kwafe ta zuwa `v3`. Domin bayan kwana biyu wani babba a ofishin zai turo nasa bayanin, kuma tsohon kwafi ya kalla. Sai kana da wancan kwafin a ajiye za ka iya gano hoton da yake nufi.

Wannan babban da ke makara shi ya sa nake dagewa tun ranar farko a kan mutum ɗaya ne zai tattara ra'ayin kowa ya turo takarda ɗaya, a ranar da aka tsayar. Idan jami'ar yaɗa labarai ta ce a rage jawabi, shugaban shiri ya ce a ƙara shi, ba aikin edita ba ne ya raba musu gardama daga Kano. Nakan mayar musu da layukan biyu a jere in ce, "Ranka ya daɗe, wanne za mu bi?"

Akwai kuma iyakar da lamba ba ta iya tsallakewa. Tana faɗin inda mutum ya tsayar da bidiyo, ba inda damuwarsa ta faro ba. Mai kallo yana ganin abu, ya ji bai gamsu ba, sannan hannunsa ya kai ga maɓalli, don haka kusan kullum wurin yana daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin lambar da ya bayar. Idan kuwa bayanin irin "nan ya yi sanyi" ne a minti na biyar, sau da yawa laifin yana can minti na uku, inda aka riga aka faɗi abin da minti na biyar yake ƙoƙarin bayyanawa. Saboda haka takardar da nake aika wa mai aiki tana da gurbi huɗu: lokacin farawa, lokacin ƙarewa, abin da ake gani a wurin, da abin da ya dame shi. Gurbi na uku shi ke tabbatar min muna kan kwafi ɗaya. Na huɗu nakan roƙa a cika shi da damuwar kanta maimakon magani, domin "ban gane waye wannan mutumin ba" yana buɗe min hanyoyi da dama: in sa sunansa a ƙasa, in dawo da fitowarsa ta farko da na cire, ko in sauya jeren fitowa biyu. "A cire shi" kuwa hanya ɗaya ce, kuma wataƙila shi ne mutumin da labarin ya rataya a kansa.

Masu aikin da ba sa son rubutu ba na tilasta musu. Su yi saƙon murya, amma su fara kowace magana da karanta lambar da ke kan hoton. Ni zan rubuta su a takardar, in mayar musu su duba su ce e, sannan in buɗe `v3`.