Tsara zangunan atisaye don gasa biyu a kaka ɗaya: tsakanin miƙaƙƙen tsari da juyayye

Rarraba atisaye zuwa zanguna, wato kasa watannin shiri kashi-kashi ta yadda kowane zango zai gina wani ɓangare na ƙarfin ɗan tsere, ya dogara ne a kan ma'auni biyu: yawan gudu, wanda ake ƙidayawa da kilomita a mako, da zafin gudu, wanda ake aunawa da mintocin da kowace kilomita ke ci. Miƙaƙƙen tsari, wanda masanin Tarayyar Sobiyet Matveyev ya shimfiɗa a shekarun 1960, yana farawa da gudu mai yawa a hankali, sannan a riƙa rage yawan ana ƙara zafin har ranar gasa. Juyayyen tsari kuwa yana farawa da gajeren gudu mai zafi, daga bisani a riƙa tsawaita shi. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa idan gasannin biyu sun bambanta a nisa, kuskure ne a maimaita tsari ɗaya sau biyu, domin abin da ya kamata ya zo daf da kowace gasa shi ne atisayen da ya fi kama da ita.

A ɗauki misalin ɗan tsere daga Filato wanda ya sa gudun fanfalaki na Legas a gaba, mai kilomita 42 da 'yan kai a watan Fabrairu, da kuma tseren Okpekpe na jihar Edo, mai kilomita 10, a watan Mayu. Idan burinsa a Legas minti 4 ne a kowace kilomita, wato kimanin awa 2 da minti 49, to juyayyen tsari ya fi dacewa da makonni 16 na shirinsa. A makonni biyar na farko zai tsaya a kan kilomita 70 a mako, yana gudun mita 400 sau 12 da zafi, dogon gudunsa bai wuce kilomita 20 ba. Daga nan sai zubin ya riƙa tsawo, mita 1000 sau takwas, sannan kilomita uku sau huɗu, har ya kai kilomita biyar sau huɗu a kan saurin gasar, yayin da dogon gudu ke hawa zuwa kilomita 32 ko 35, jimillar mako kuma ta kai 110. Hikimar ita ce wanda ya saba da minti 3 da daƙiƙa 30 zai ji minti 4 da sauƙi, abin da ya rage masa kawai shi ne koya wa jiki jimirin riƙe wannan saurin. Sanyin hunturu a Disamba da Janairu ma yana taimakon makonnin nan masu nauyi, ko da yake zafi da laimar Legas sai an yi musu nasu shirin.

Da ya bi miƙaƙƙen tsari sak, da dogayen gudunsa sun faɗo a Nuwamba, Janairu kuma ta tafi a gajerun zubi, sai ya isa Legas da ƙafa mai sauri wadda za ta mutu bayan kilomita 30. Amma juyayyen tsarin ma yana da nasa haɗarin, domin gudu mai zafi a kan jikin da ba shi da tushe yana taɓa agara da sharaɓa, shi ya sa bai dace da sabon shiga ba. Taurin agara da sassafe da kuma bugun zuciya da ya haura yadda aka saba kwanaki a jere alamu ne na cewa an yi gaggawa.

Bayan Legas lissafin yakan juya. Tazarar makonni 14 ko makamancin haka ce, kuma biyu ko uku daga ciki na hutu ne da sassarfa, saboda tsoka ba ta warkewa daga gudun fanfalaki a 'yan kwanaki. Binciken Issurin kan wanzuwar tasirin atisaye ya nuna cewa jimiri yakan daɗe kusan wata guda bayan an daina gina shi, alhali tsananin sauri yakan dushe cikin kusan mako ɗaya. Ke nan ɗan tseren yana da jarin jimiri a hannu, ba ya buƙatar sake doguwar shimfiɗa, sai gajeren miƙaƙƙen tsari: makonni uku na kilomita 80 a hankali, makonni uku na hawan tudu tunda hanyar Okpekpe tuddai ce, sannan mita 1000 sau takwas a kan minti 3 da daƙiƙa 30 zuwa 35, jimillar mako tana sauka zuwa 60. Wannan ragin ya yi daidai da zafin bazara na Maris da Afrilu, lokacin da dogon gudu ke gajiyar da jiki fiye da amfanin da yake bayarwa.

A duka zagayen biyu makonni biyun ƙarshe na sassautawa ne, kuma nazarin Bosquet da abokan aikinsa na 2007 ya nuna cewa rage yawan gudu da kashi 41 zuwa 60 cikin ɗari, ba tare da taɓa zafinsa ba, shi ya fi ba da sakamako.