Abubuwa biyar da ake dubawa kafin ɗaukar fim a cikin gida

Duba wurin ɗaukar fim, wanda 'yan Kannywood ke kira lokeshan, ziyara ce da darakta da mai kyamara da mai ɗaukar sauti ke kaiwa kwanaki kafin ranar aiki. An fi so a kai ta a daidai lokacin da za a yi ɗaukar, domin falon da yake tsit da hantsi yana iya cika da hayaniya bayan la'asar.

Wutar lantarki

Wutar gidaje a Najeriya bolt 230 ce, kuma filogi mai ƙafa uku ba ya ɗaukar fiye da amp 13, wato kusan wat 3,000. Ana gane nauyin kayan aiki ta hanyar haɗa wat ɗinsu a raba da 230.

A ɗauki misalin falon da za a kunna fitilu biyu masu wat 300 kowace, da ɗaya mai wat 800, da allon kallo da cajoji masu wat 200. Jimilla wat 1,600 ke nan, kimanin amp 7, wanda waya ɗaya za ta ɗauka. Amma da zarar an jona butar lantarki mai wat 2,000 a kan wayar, nauyin ya haura amp 15, sai fis ya ƙone ana tsakiyar aiki. Saboda haka ake neman akwatin raba wuta na gidan, a gane soket ɗin da ke layi ɗaya.

Tunda ana ɗauke wuta ba sanarwa, janareta ya zama dole. Mai ƙarfin kVA 2.5 yana ba da kimanin wat 2,000, wanda zai ishi wannan falo. A waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri.

Ƙara

Kunne yana sabawa da ƙara, amma makirufo ba ya sabawa. Don haka mai sauti yakan sa kowa ya yi shiru, ya naɗi minti ɗaya, ya saurara da abin sawa a kunne. A nan ake jin gurnanin firji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda ake iya kashewa. Injin niƙa na maƙwabta da Islamiyyar bayan gida kuwa, sai dai a san lokutansu a kauce musu, kamar yadda ake tsara hutu a kan lokutan kiran sallah.

Sannan a tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin. Idan tafin ya yi amsa-kuwwa, kamar yadda ake samu a falo mai tayil, ana buƙatar darduma da labule masu kauri.

Izini

Yardar baki ba ta wadatarwa. Takardar yarjejeniya ta ƙunshi ranaku da awoyi, da ɗakunan da aka yarda a shiga, da kuɗin da za a biya, da wanda zai gyara abin da ya lalace. Idan mazaunin gidan ɗan haya ne, sai an nemi amincewar mai gidan. Ana kuma sanar da mai unguwa da maƙwabta. A Kano, Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ce ke kula da harkar, don haka furodusa ya tabbatar da ƙa'idojinta tun da wuri.

Haske

A fara da gano inda tagogi suka fuskanta. Tagar gabas tana zubo rana da safe, ta yamma da la'asar, kuma fitowar da aka fara da ƙarfe 9 aka ƙare da 12 ba za ta haɗu ba wajen tacewa, sai dai in an toshe tagar an dogara da fitilu. Launi ma yana bambanta: hasken rana kimanin Kelbin 5,600 ne, fitila mai zaren wuta kuwa 3,200, kuma haɗa su yana sa rabin fuska ya yi shuɗi-shuɗi, rabi ja-ja. A gwada ƙwayayen gidan da kyamara, domin wasu suna kyaftawa a hoto ko da ido bai gani ba.

Hanyar shiga

A auna faɗin ƙofa da tsawon rufi da awo, ba da ido ba, a kuma tabbatar kyamara za ta samu wurin ja da baya. A duba ko motar kaya za ta shiga lungun, musamman da damina. A gidan da ke da matan aure, a daidaita da maigida kan hanyar da maza za su bi, da banɗaki, da ɗakin canza kaya.

Daga ƙarshe ana rubuta sakamakon kowane wuri a takarda ɗaya tare da hotunansa. Haske da amsa-kuwwa suna gyaruwa da kayan aiki, amma wurin da ba a samu izininsa a rubuce ba, ko wanda ƙararsa ba ta da lokacin tsayawa, barinsa ya fi sauƙi.