Karɓar kuɗin aiki daga ƙasashen waje a Najeriya

Karɓar kuɗin aiki daga ƙasashen waje shi ne shigowar ladan da wani mutum ko kamfani na waje ya biya mazaunin Najeriya kan aikin da ya yi masa daga gida, kamar fassara, zane, rubuta manhaja ko koyarwa ta intanet. Yawanci ana ƙulla cinikin da dalar Amurka, alhali mai aikin da naira yake cefane, don haka kuɗin sai ya ratsa hannu biyu ko uku kafin ya iso, kowane hannu kuma yana yankar nasa. Abin da ke bambanta wata hanya da wata shi ne jimillar abubuwa uku: tsayayyen caji, kason da ake cira, da farashin da aka canza dalar. Fitar da kaya irin su riɗi, zoɓo da fata yana da tasa ƙa'idar daban ta fom ɗin NXP, kuma ba ya cikin wannan maƙala.

Asalin taƙaita dala

Mafi yawan dalar da ke shiga hannun gwamnati daga man fetur take fitowa. Duk lokacin da ta yi ƙaranci, Babban Bankin Najeriya kan tsuke hanyoyin fitarta, bankunan kasuwanci su bi sahu. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar da shi gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 aka fara dawo da shi. Wannan taƙaitawa ta shafi fitar dala ne. Shigowarta ba a hana ba, amma ƙa'idar yadda ake biyan wanda aka aiko wa ta sha canzawa.

A ƙarshen Nuwamba 2020 Babban Banki ya umarci a riƙa biyan kuɗin da aka aiko ta kamfanonin aiken kuɗi da dala. A Yuni 2023 ya haɗe farashin canji na hukuma wuri guda, ya bar kasuwa ta yi halinta, ya kuma ce mai asusun dala yana da cikakken iko da kuɗinsa, sai dai dalar da aka zuba da hannu ba za a tura fiye da 10,000 daga cikinta a rana ba. A ƙarshen Janairu 2024 kuma ya juya umarnin 2020: kamfanonin aiken kuɗi su riƙa biya da naira kawai, abin da ya haura kwatankwacin dala 200 kuma a zuba shi a asusun banki. Bankuna sukan ƙara nasu sharuɗɗan, musamman wajen cire tsabar dala a kanta, inda akan ce wa mutum ya dawo gobe don babu takardun kuɗin a reshe.

Asusun dala na banki

Hanya mafi daɗewa ita ce asusun dala a bankin kasuwanci. Ana buɗe shi da BVN, NIN da shaidar adireshi, bankuna da yawa kuma sukan nemi mutum biyu masu asusu su tsaya wa mai buɗewa. Mai biya yana turo kuɗin ta SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna umarnin biya. Dala ba ta tahowa kai tsaye. Takan bi ta wani banki na tsakiya, galibi a Amurka, wanda bankin Najeriya ke da asusu a wurinsa. Shi ya sa dole mai aiki ya karɓi cikakken bayanin wannan banki na tsakiya daga bankinsa, ya ba mai biya tare da lambar asusunsa. Kuɗin kan iso cikin kwana biyu zuwa biyar na aiki.

Cajin wannan hanya tsayayye ne, bai damu da yawan kuɗin ba. Bankin mai turawa kan karɓi dala 25 zuwa 50, na tsakiya kuma ya yanki dala 10 zuwa 30 daga cikin kuɗin. A fom ɗin turawa akwai zaɓi uku. OUR na nufin mai biya ya ɗauki dukkan cajin, SHA a raba, BEN kuma mai karɓa ya ɗauka. Wanda bai yi maganar wannan tun wajen ciniki ba, galibi SHA ake zaɓa masa, ya ga kuɗinsa ya iso da giɓi. Amfanin hanyar shi ne dalar tana zama dala: mai ita na iya ajiye ta, ya sayar wa banki, ko ya cire ya kai wa 'yan canji masu lasisi, irin na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja.

Asusun karɓa na intanet

Kamfanoni irin su Payoneer, Grey da Raenest suna ba mazaunin Najeriya lambar asusu a wani bankin Amurka, Birtaniya ko Turai. Mai biya yana tura kuɗin kamar yana biyan ɗan ƙasarsu, ta ACH a Amurka ko SEPA a Turai, wanda kusan kyauta ne a gare shi, ya iso cikin kwana ɗaya zuwa uku. Daga nan mai aiki ya canza zuwa naira a cikin manhajar, ya tura asusunsa na gida. Cajin nan kaso ne, sau da yawa wajen kashi 1 cikin 100 a kan shigowa, sannan wani kason yana ɓoye a cikin farashin canji. A Payoneer, cirewa zuwa asusun naira kan ci kimanin kashi 2 zuwa 3, biya da katin bashi kuma ya fi biya daga banki tsada.

Iyakar wannan hanya ita ce lambar asusun aro ce daga bankin da kamfanin ke hulɗa da shi. Idan bankin ya janye, ko ya yi shakkar wani kuɗi, ana iya riƙe asusun ko a sauya lambar. Wasu asusun kuma daga kamfani kawai suke karɓa, sukan mayar da kuɗin da ɗaiɗaikun mutane suka turo. PayPal, da masu biya na waje suka fi sabawa da shi, ya shigo Najeriya a 2014 da damar turawa kawai, aka shafe shekaru asusun ɗaiɗaikun mutane ba ya karɓa. Masu buɗe shi da adireshin wata ƙasa sukan rasa kuɗinsu ranar da aka nemi shaidar zama.

Kamfanonin aiken kuɗi da kuɗin kirifto

Western Union, MoneyGram da makamantansu sun fi sauri, kuɗin kan iso cikin mintuna. Amma tun 2024 naira mai karɓa zai gani, a farashin da kamfanin ya sa. An kuma gina mafi yawansu ne don aike tsakanin 'yan uwa, shi ya sa kamfanin waje da ke son rasit na kasuwanci ba kasafai yake yarda da su ba.

Wasu masu biya kan zaɓi kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dala, kamar USDT da USDC. A Fabrairu 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da dillalan kirifto, ya ɗage hanin a Disamba 2023, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa harkar a ƙarƙashin hukumar SEC. Cajin turawa kaɗan ne, amma haɗarin yana wajen sayarwa. Idan wanda ya sayi dalar ya biya da nairar da aka sato, banki kan rufe asusun da ta faɗa, ko da mai shi bai san komai ba. Kuskuren adireshi ko na hanyar turawa kuma ba ya gyaruwa.

Kwatancen caji

Ga misali da alƙaluman da aka ɗauka don lissafi kawai. A ce farashin kasuwa naira 1,500 ne kan dala ɗaya, wata mai fassara a Zariya kuma tana bin kamfanin Amurka dala 300, wato naira 450,000. Ta SWIFT, idan bankin tsakiya da na gida suka yanki dala 30, saura 270. Ta sayar a 1,495, ta sami naira 403,650. Ta yi asarar fiye da kashi 10. Ta asusun intanet mai cire kashi 1 da canji a 1,480, dala 297 za ta ba ta naira 439,560, asarar kashi 2.3. Ta kamfanin aiken da ya ce babu caji amma farashinsa 1,455, za ta karɓi naira 436,500, asarar kashi 3. Wanda ya yi tallar kyauta ya fi mai cire kashi 1 tsada.

Idan kuɗin dala 3,000 ne, lissafin ya juye. SWIFT zai bar mata 2,970, su zama naira 4,440,150, asarar kashi 1.3 kacal. Asusun intanet ma 2,970 zai bari, amma a farashinsa naira 4,395,600 ne, wato ƙasa da na banki da naira 44,550. A wannan misali hanyoyin biyu suna yin kunnen doki a wajen dala 1,500. Ƙasa da haka kaso ya fi sauƙi, sama da haka tsayayyen caji ya fi. Shi ya sa masu aiki da kamfani ɗaya a kai a kai sukan nemi a tara musu ladan wata biyu ko uku a turo lokaci guda. Wanda ke aiki ta dandalin 'yan kwangila kuma yana da wani yanka kafin duk wannan: Fiverr na cire kashi 20 na kuɗin aikin tun bai fita ba.

Matsalolin da aka fi gani

Idan kuɗin SWIFT ya wuce mako bai iso ba, mai aiki zai nemi mai biya ya turo masa takardar shaidar turawa, wadda ma'aikatan banki ke kira MT103. Da lambar da ke jikinta banki ke gano inda kuɗin ya tsaya. Sababin da aka fi samu shi ne saɓanin suna, kamar a rubuta Muhammad a takardar biya alhali Mohammed ne a asusu, ko a musanya sunan uba da na mai asusu. Kuɗin da aka mayar saboda haka yakan koma da ragi, don kowane banki ya riga ya ci nasa.

Banki na iya riƙe kuɗi ya nemi bayanin asalinsa, musamman idan ya fi abin da asusun ya saba gani. Irin wannan bincike ya tsananta bayan da hukumar FATF ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairu 2023, har zuwa cire ta a Oktoba 2025. Takardar yarjejeniyar aiki da takardar neman biya mai ɗauke da suna, kwanan wata, bayanin aikin da adadin kuɗi su ne ke warware riƙon. Akwai kuma damfarar biyan rara, inda mai biya zai turo fiye da abin da aka yi ciniki ya ce a mayar masa da sauran, daga baya ainihin kuɗin ya zama na sata a janye shi. Alamarta ita ce gaggawa da neman a mayar da rarar zuwa wani asusu daban. Ladan da mazaunin Najeriya ya samu daga waje yana cikin kuɗin shigar da ake biya wa haraji, don haka takardun da suka gamsar da banki su ne kuma ake buƙata wajen hukumar haraji ta jiha.