Daga layin tarho zuwa Opus: yadda ake matsa murya a kan raunannen intanet a Yamai

Muryar da makirfo ya ɗauka, idan aka mayar da ita lambobi da ingancin faifan CD ba tare da matsawa ba, tana cin kimanin kilobit 705 a kowace daƙiƙa a hanya ɗaya. Layin salula da ya cunkushe da maraice a wata unguwa ta bayan Yamai yakan kasa tura ko kashi goma cikin ɗari na wannan. Kodek shi ne tsarin da ke matsa muryar ta yi ƙanƙanta kafin a tura, ya kuma buɗe ta a wurin mai karɓa. Adadin kilobit da aka yarje masa ya ci a daƙiƙa, wanda ake rubutawa kbit/s, shi ne abu na biyu, bayan zaɓen kodek, da ma'aikacin fasaha ke yanke shawara a kai kafin a kunna makirfo.

Gidan rediyon ƙasa, wanda aka buɗe a 1958 da sunan Radio Niger kuma ya koma Muryar Sahel daga baya, ya daɗe yana karɓar rahoton wakilansa na jihohi ta layin tarho. Haka ma gidajen rediyo masu zaman kansu da suka bayyana a Yamai cikin shekarun 1990, irin su Anfani da Tenere. Layin tarho yana ɗaukar sauti daga hertz 300 zuwa 3400 kawai. Kodek ɗin da aka tsara masa a 1972, wato G.711, yana auna muryar sau 8000 a daƙiƙa, kowane awo bit 8, jimla 64 kbit/s. Da salular GSM ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, kodek ɗinta na farko ya sauko da wannan zuwa 13 kbit/s, amma faɗin sautin bai ƙaru ba.

Wannan ƙuncin yana da illa ta musamman ga mai sauraron Hausa. Karin sauti da tsawon wasali suna ratsa layin tarho lafiya, domin ƙarfinsu yana ƙasa-ƙasa. Baƙaƙe masu huci kuwa, s da sh da ts da f, mafi yawan abin da ke bambanta su yana sama da hertz 3400. Shi ya sa a rahoton tarho "sara" da "shara" da "tsara" kan yi kusa da juna, sai mai sauraro ya dogara da sauran jimlar. A hira ta yau da kullum ba komai. A sanarwar sunayen garuruwa, ko farashin hatsi, ko karatun nassi, hasara ce ta gaske. Daga nan ma'aikatan rediyo suka san cewa faɗin sauti har zuwa hertz 7000 ko 8000 ya fi kowane ƙarin ado amfani ga magana.

Da intanet ta zo, kayan aikin farko da suka yaɗu su ne MP3 tare da sabar Shoutcast ta 1998 da Icecast ta 1999. An gina MP3 ne domin kiɗa, kuma al'adar da ta zo tare da shi ita ce 128 kbit/s a hanya biyu. Da yawa sun kwafi wannan lamba ba tare da tambaya ba, suka ɗora ta a kan modam na EDGE da ba ya iya riƙe ta, shirin ya dinga yankewa. Masu lura suka sauko zuwa hanya ɗaya, awo 22050 a daƙiƙa, 32 kbit/s. A nan magana tana fita ana ganewa. Ƙasa da haka MP3 kan fara wani ƙara kamar ana magana cikin ruwa. HE-AAC, wanda aka daidaita a 2003, ya gyara wannan sosai: yana tura ƙasan sautin da kyau, saman kuma ya tura ɗan bayani kaɗan da mai karɓa zai sake gina shi da shi. A 32 kbit/s ya fi MP3 nesa ba kusa ba, sai dai yana ƙara jinkiri, abin da ke damun hira ta kai-tsaye.

Babban sauyi ya zo a Satumban 2012, lokacin da aka fitar da Opus a matsayin RFC 6716. An haɗa shi ne daga SILK na kamfanin Skype, mai ƙwarewa a magana, da CELT na gidauniyar Xiph, mai ƙwarewa a kiɗa da ƙarancin jinkiri. Yana aiki daga 6 zuwa 510 kbit/s, ba a biyan kuɗin lasisi, kuma shi ne ke cikin saƙon murya na WhatsApp da kowane ɗan jarida a Yamai ke aikawa da shi. Masu tsara shi sun ba da ma'auni: 8 zuwa 12 kbit/s ga magana mai faɗin tarho, 16 zuwa 20 ga mai faɗin hertz 8000, 28 zuwa 40 ga cikakken faɗi. Wato da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da G.711 ke ci, ana samun murya da ta fi shi faɗi ninki biyu. Akwai kodek da ke sauka ƙasa da haka, kamar Codec 2 na David Rowe mai aiki daga 3200 bit a daƙiƙa zuwa ƙasa, amma muryar da yake fitarwa ta saƙon gaggawa ce, ba ta dace da shirin rediyo ba.

Lambar da aka rubuta a kodek ba ita ce lambar da layi ke ɗauka ba, kuma a nan ne lissafin mutane da yawa ke ɓaci. Ana yanka muryar ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi yana tafiya da adireshinsa. A tsarin hira ta kai-tsaye, adireshin IPv4 byte 20 ne, na UDP 8, na RTP 12, jimla 40. Idan kowane ƙunshi yana ɗauke da milidaƙiƙa 20 na magana, ƙunshi 50 ke fita a daƙiƙa:

```
40 × 8 × 50 = 16000 bit/s
40 × 8 × 16.7 ≈ 5300 bit/s
```

Layin farko yana nuna cewa Opus na 16 kbit/s yana cin 32 a kan hanya, rabi duk adireshi. Layi na biyu na ƙunshin milidaƙiƙa 60 ne, inda jimlar ta koma kimanin 21. An rage kashi ɗaya cikin uku ba tare da an taɓa ingancin murya ba. Farashinsa shi ne ƙarin jinkiri kaɗan, da kuma cewa ƙunshi ɗaya in ya ɓace, babban yanki na gaɓar kalma ya tafi. Saboda haka idan layin ƙunci ne matsalarsa, dogon ƙunshi ya fi. Idan kuwa yana da faɗi amma yana zubar da ƙunshi, gajere ya fi, tare da kunna FEC na Opus, wanda ke saƙa ƙaramin kwafin ƙunshin da ya wuce cikin na gaba.

A ɗauki misalin tafsirin azumi da za a tura daga wani masallaci a bakin gari zuwa situdiyo da modam na salula. Ma'aikacin yakan je kwana ɗaya kafin a fara, a daidai sa'ar da za a yi karatun, domin rezo na hantsi ba shi ne na bayan la'asar ba. Gudun turawa yake aunawa, ba na saukewa ba, don layin salula ya fi rowa a wajen turawa. A ce awo ya nuna yana yawo tsakanin 45 da 120 kbit/s. Lambar da za a yi aiki da ita 45 ce, kuma ba a cika ta: ana ɗaukar kamar rabinta, domin bayan kowace tsayawa layin yana bukatar sarari ya tura abin da ya taru. Opus a 20 kbit/s, hanya ɗaya, ya shiga. Tunda malami ne ke magana ba a mayar masa da amsa, jinkirin daƙiƙa goma ba ya cutar da kowa, don haka sai a bi ta Icecast a kan TCP, wanda ke sake tura duk abin da ya ɓace, a kuma ba mai karɓa ajiyar daƙiƙa biyar zuwa goma. A nan FEC ba shi da amfani.

```
ffmpeg -f alsa -i hw:1 -ac 1 -af highpass=f=80 \
 -c:a libopus -b:a 20k -vbr constrained \
 -application voip -frame_duration 60 \
 -content_type audio/ogg -f ogg \
 icecast://source:SIRRI@SABAR:8000/tafsir.opus
```

Zaɓin `-vbr constrained` yana hana kodek yin tsalle sama da ƙima idan malami ya ɗaga murya, `highpass=f=80` kuma yana yanke gurnanin janareta da na iska. Sa'a ɗaya a wannan tsari tana cin megabyte 9 na murya, da adireshi kimanin 10, yayin da MP3 na 128 kbit/s ke cin kusan 58.

Abin da aka ba kodek ya fi lambar da aka zaɓa tasiri. Makirfo da aka ajiye a gaban lasifikar masallaci yana kwaso amsa-kuwwa da ƙarar fanka da tarin jama'a, kuma kodek na magana a 20 kbit/s yakan ruɗe da su. Waya ɗaya da aka ja daga na'urar haɗa sauti ta masallacin kai tsaye ta fi ƙarin 20 kbit/s amfani. Haka nan ba a barin masu sauraro su ja daga modam ɗin masallaci. Rafi ɗaya ke fita zuwa sabar da ke da layi mai ƙarfi, ita kuma ta rarraba. Mutum 200 a 32 kbit/s suna bukatar 6.4 Mbit/s. A can ne ake yin kwafin AAC ko MP3 domin tsofaffin wayoyi da ba sa buɗe Opus, sau ɗaya tak, saboda kowace sake matsawa tana rage wani abu.

Kunne kan faɗi inda matsala take. Murya mai ƙarar ruwa ko ta gwangwani daga farko har ƙarshe alama ce adadin kilobit ya yi wa kodek kaɗan. Tsinkewa gajeru, ko murya ta koma ta inji na ɗan lokaci, ɓacewar ƙunshi ce a kan UDP. Shiru na daƙiƙu sannan magana ta ci gaba daga inda ta tsaya, jinkiri kuma yana ƙaruwa, yana nufin layin turawa ya kasa ɗaukar adadin, kuma maganinsa ragewa ne. Tsagewar murya duk lokacin da mai magana ya ɗaga ta ba laifin intanet ba ne, ƙarfin shiga ne ya yi yawa. Umarnin `ping` da aka bari yana gudana a gefe yana taimakawa: idan lokacin amsa ya tashi daga milidaƙiƙa ɗari-ɗari zuwa dubbai da zarar an fara turawa, ƙunshi na taruwa a modam, sau da yawa saboda wata waya da aka haɗa da shi tana ɗora hotuna.

Hira tsakanin situdiyo da wakili a Doso ko Tillaberi lissafinta daban ne, domin jinkirin da ya haura kimanin milidaƙiƙa 400 yana sa mutane biyu su dinga taka maganar juna. Nan ana komawa RTP, ƙunshin milidaƙiƙa 20 ko 40, FEC a kunne, Opus a 16 zuwa 20 kbit/s. Idan gudun turawa mafi ƙanƙanta bai kai 30 kbit/s ba, hira ta intanet ba za ta tsaya ba. A kira wakilin ta salula a yi kai-tsaye, cikakken rahoton kuma ya naɗa shi ya aiko daga baya.