Jerin ayyukan Hajji daki-daki ga maniyyacin da zai je karon farko

Galibin maniyyatan Najeriya, ciki har da masu halartar bita a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, Hajjin Tamattu'i suke yi: Umara tukuna, a kwance harami, sannan a sake ɗaura shi domin Hajji. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a ƙasar Hausa, rukunan Hajji huɗu ne: harama, tsayuwar Arfa, ɗawafin Ifada da sa'ayi. Wanda ya bar wajibi yana iya gyarawa da yanka, amma rukuni ba ya gyaruwa da komai sai an aikata shi. Da wannan ma'auni ya kamata a karanta jerin.

Maniyyacin da jirginsa ya sauka a Madina zai yi harama a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, a hanyarsa ta zuwa Makka. Zai yi wanka, namiji ya sa ƙyallaye biyu, mace ta zauna da suturarta, a yi niyyar Umara, a kama talbiyya. A Makka sai ɗawafi sau bakwai, daga Hajarul Aswad, Ka'aba tana hagu. Hijiri Isma'il ɓangare ne na Ka'aba, don haka wanda ya ratsa ta cikinsa don gudun cunkoso, wannan zagayen bai ƙirgu ba. Bayan raka'a biyu sai sa'ayi: daga Safa zuwa Marwa ɗaya ne, dawowa na biyu, na bakwai ya ƙare a Marwa. Da an yi aski ko saisaye, Umara ta kammala.

Ranar 8 ga Zulhijja alhaji zai sake harama daga masaukinsa, wannan karon da niyyar Hajji, ya tafi Mina ya kwana, yana ƙasaru ba tare da haɗa salloli ba.

Ranar 9 ita ce Arfa, kuma a nan ne ake buƙatar lura fiye da ko'ina. Ana haɗa Azahar da La'asar a lokacin Azahar, sannan a duƙufa da addu'a. Kalmar "tsayuwa" tana ruɗar wasu. Ba miƙewa a kan ƙafa ake nufi ba, kasancewa a cikin iyakar filin ne, ko a zaune ko a kwance. Hawan dutsen Rahama ma ba sharaɗi ba ne. Abin kiyayewa shi ne iyaka, domin gaban masallacin Namira yana wajen Arfa, kuma akwai manyan alluna da ke nuna inda filin ya ƙare.

A ce wani ɗan kasuwa daga Tsafe ya wuni a Arfa, ganin motoci sun fara cika sai ya fice kafin faɗuwar rana, bai kuma dawo ba. A wurin mafi yawan malamai Hajjinsa ya yi, sai dai wasunsu su ɗora masa yanka. A wurin Malikiyya kuwa rukunin shi ne kasancewa a Arfa ko da ɗan lokaci kaɗan bayan rana ta faɗi, saboda haka Hajjin ya kuɓuce masa, sai fa idan ya koma kafin ketowar alfijir. Jiran mintuna kaɗan a cikin iyaka ya fi wannan kasada sauƙi nesa ba kusa ba.

Daga nan sai Muzdalifa, inda ake haɗa Magariba da Isha, a kwana, a tsinci tsakuwa. Masu rauni suna da rangwamen wucewa Mina cikin dare.

Ranar 10 ayyuka ke taruwa: jifan Jamratul Aƙaba da tsakuwa bakwai ɗaya bayan ɗaya, yankan hadaya, aski, sannan ɗawafin Ifada da sa'ayin Hajji. Malikiyya na wajabta gabatar da jifa a kan aski da ɗawafi. Mai Tamattu'in da bai sami halin hadaya ba zai yi azumin kwana uku a lokacin Hajji, da bakwai bayan ya koma gida. Sai an gama Ifada da sa'ayi iyali ke halatta.

Ranakun 11 da 12 ana kwana a Mina, ana jifan wurare uku bayan rana ta karkata: ƙarami, na tsakiya, sannan Aƙaba, tsakuwa bakwai-bakwai. Jimilla 49 ke nan tare da na ranar 10. Wanda rana ta faɗi masa a Mina ranar 12 zai ƙara kwana ya yi jifan ranar 13, tsakuwarsa ta kai 70.

Ɗawafin bankwana shi ne na ƙarshe, ana yin sa dab da barin Makka, kuma an ɗauke shi ga mai haila.