Toshewar Hanjin Jarirai da Cutar Hirschsprung: Alamomi da Ƙa'idojin Tiyata a Yankin Kurgu, Ƙaramar Hukumar Bagudo

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin cutar Hirschsprung, wadda ke toshe hanjin jariri saboda rashin ƙwayoyin jijiya a bangon ƙarshen hanji. An dubi cutar ta fuskar ma'aikacin ƙaramin asibiti a Kurgu da ƙauyukan Bagudo na iyakar Benin, inda tiyatar yara take nesa. Hujjar maƙalar ita ce, lura da kashin farko da iya wankin hanji su ne ke kai jariri gaban likitan tiyata da ransa.

Asalin cutar

Hanji yana tura abin da ke cikinsa ne ta hanyar matsewa da saki, kuma ƙwayoyin jijiya da ke cikin bangonsa su ke ba da umarnin sakin. Waɗannan ƙwayoyi suna gangarowa daga saman hanyar abinci zuwa ƙasa tsakanin mako na 5 da na 12 na ciki. Idan tafiyarsu ta tsaya kafin su kai dubura, ɓangaren da ba su kai ba yana zama a ɗaure, ba ya saki. Ana samun haka a kusan jariri 1 cikin 5,000, maza sun ninka mata kusan sau huɗu, kuma a kusan kashi 80 cikin 100 ƙarshen babban hanji kaɗai abin ya shafa.

Harald Hirschsprung, likitan yara a Copenhagen, shi ya bayyana cutar a 1886. Sai dai an daɗe ana ɗora laifi a kan hanjin da ya kumbura, har ana yanke shi. A 1948 ne Orvar Swenson a Boston ya nuna cewa kumburarren hanjin lafiyarsa ƙalau, aiki ne ya yi masa yawa, kuma siririn da ke ƙasa, wanda ido ke ganin ba abin da ya same shi, shi ne mai ciwon. Duk tiyatar yau a kan wannan fahimta ta tsaya.

Alamomi

Kusan duk jaririn da ya cika watanninsa yana yin baƙin kashinsa na farko cikin awa 24, kuma da wuya lafiyayye ya wuce awa 48. Jinkirin wannan kashi shi ne alamar farko. Daga nan sai ciki ya tashi, jariri ya ƙi mama, amai ya zo kore. Koren amai a jariri toshewar hanji ne har sai bincike ya nuna akasin haka, ba a jira da shi zuwa wayewar gari.

Binciken Ameh da Chirdan a Zariya, wanda aka buga a 2000, ya nuna cewa haihuwa ba tare da ƙofar dubura ba ita ce kan gaba wajen toshe hanjin jarirai a can, nesa da cutar Hirschsprung. Saboda haka aikin farko shi ne a buɗe zane a duba. Wahalar Hirschsprung ita ce ƙofar tana nan, sai hankalin kowa ya kwanta. Inda haihuwa a gida ta yi yawa, maijego tana ɗaki, kaka ko ungozoma ke wanke tsumma, su ne suka san ko an yi kashin. Su ya kamata a tambaya, kuma a tambayi ranar da lokacin, domin "yana yi" na iya nufin ɗan abin da ya fito bayan an tura sabulu.

Misalin aiki

A ɗauka an kawo jariri namiji mai kilo 3 daga Kurgu a kwana na uku da haihuwa. Bai yi kashi ba, cikinsa ya ɗaure kamar ganga, jijiyoyi sun fito raɗau a fatar cikin, ya yi koren amai sau biyu. Ƙofar dubura tana wurinta. Ma'aikaciya ta sa ɗan ƙaramin yatsa da safar hannu, tana zarewa sai iska da kashi suka fito da ƙarfi, cikin ya ɗan saɓa. Wannan alama tana ƙarfafa zato ƙwarai, amma sauƙin na ɗan lokaci ne, kuma a nan ake yawan sallamar jariri bisa kuskure.

Abin yi shi ne a dakatar da shayarwa, a sa roba ta hanci zuwa tumbi, a ɗaura ƙarin ruwa, a ɗumama jaririn, a fara wankin hanji. Ana shafa wa roba mai laushi mai, a tura ta a hankali ta dubura har ta wuce wurin da ya ɗaure. Ana zuba ruwan gishiri na asibiti mai ɗumi, mililita 10 zuwa 20 a lokaci guda, a bar shi ya dawo, a maimaita har ya fito garau. Dole abin da ya shiga ya fito. Idan ba ya dawowa, a tsaya, kada a ƙara. Ruwan rijiya, ruwan sabulu ko jiƙo ba su da wuri a nan, domin hanji yana tsotse ruwa zalla ya rikita gishirin jini, har jariri ya yi jijjiga.

Babban abin tsoro shi ne kumburin bangon hanji mai tafe da ƙwayoyin cuta, wanda ya fi komai kashe waɗannan jarirai. Yana zuwa da zazzaɓi, kasala, da gudawa mai wari alhali ciki a kumbure. Uwa tana iya murnar cewa kashi ya samu, ma'aikaci kuma ya ba da maganin gudawa. A ganin marubucin, wannan ita ce alamar da ta fi cancantar a koyar a kowane ƙaramin asibiti na Bagudo, Illo da Kaoje. Maganin wannan kumburi shi ne wanki, ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, sannan a tura jaririn Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, robar hanci a buɗe duk tsawon hanya.

Tabbatarwa da tiyata

Hoton ciki bayan an zuba ruwan hoto ta dubura yana iya nuna inda siririn hanji ya haɗu da faffaɗa, amma a makonnin farko yakan ɓoye. Tabbaci yana samuwa ne idan an ɗebi ɗan nama daga bangon ƙarshen hanji, aka duba a madubin ɗakin gwaji, ba a ga ƙwayoyin ba. Ana ɗiba daga kusan santimita 2 sama da layin da ke cikin ƙofar dubura, domin daf da layin ko lafiyayye yana da ƙarancinsu.

Ƙa'idar tiyata ita ce a cire ɓangaren da ba shi da ƙwayoyi, a janyo mai lafiya a ɗinke shi sama kaɗan da wannan layi, ba tare da lalata tsokar riƙe kashi ba. Hanyoyin Swenson, Duhamel na 1956 da Soave na 1964 sun bambanta ne a yadda suke bi da ƙarshen hanji. Tun 1998, bayan aikin De la Torre a Mexico, ana iya yin aikin duka ta dubura. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a janyo hanji daga mahaɗar da ƙwayoyinta ba su cika ba, sai toshewar ta dawo bayan tiyata.

Idan jariri ya galabaita, hanji ya fashe, ko wanki ya ƙi ci, sai a fara da fitar da hanji ta gefen ciki, daga ɓangare mai lafiya. Wannan yana ceton rai, amma yana da nauyi ga iyalin da ke bakin iyaka: fata tana saɓulewa, hanjin na iya zazzagowa, kuma akwai tafiya ta biyu da kuɗinta. Ya kamata tun kafin sallama a koya wa uwar kula da wurin, a shaida wa uban cewa aikin bai ƙare ba, a rubuta musu ranar dawowa, a kuma gargaɗe su cewa gudawa mai wari da kumburin ciki na iya dawowa ko bayan tiyatar ƙarshe.